Cinikin Shanshera a Cikin Aji

Karon farko da na shirya wa ɗalibaina wasan ciniki, minti bakwai kacal ya ɗauka. Na raba su biyu-biyu, na miƙa wa kowa takardarsa ta sirri, sannan na yi kuskuren da ya rusa komai: na ce duk abokan cinikin da jimillar makinsu ta fi ta kowa su ne zakaru. Ban gama komawa kujerata ba na hango wasu biyu a bayan aji sun jera takardunsu a kan benci, kai da kai, suna ta lissafi da biro. Kafin in isa wurinsu rabin ajin ya kwaikwaya. Kowa ya ci maki cikakke, ba wanda ya koyi komai. Ɗaya daga cikinsu ma har da cewa, "Malam, ai kai ka ce jimilla." Gaskiyarsa kuwa.

Daga ranar na gane cewa a irin wannan darasi takardar maki ita ce malamin. Abin da ka sa wa lada shi ɗalibi zai yi, ko da bakinka ya faɗi wani abu dabam.

Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an koya masa taya kaya ba. Ya san a ce "albarka", ya san a juya baya kamar za a tafi don mai kaya ya kira, ya san lokacin da ake cewa "na sallama". Sai dai wannan cinikin a kan abu ɗaya yake, wato kuɗi, kuma duk nairar da ta shiga aljihun mai sayarwa daga aljihun mai saye ta fito. Wanda ya saba da haka, in ka zaunar da shi a kan yarjejeniya mai batutuwa huɗu ko biyar, sai ya ɗauka kowane batu ma haka yake. Leigh Thompson da Reid Hastie sun nuna a wani bincike na 1990 cewa akasarin mutane da wannan zato suke shiga tattaunawa: abin da nake so, abokin cinikina kishiyarsa yake so, kuma da ƙarfi iri ɗaya. Tun 1965 Richard Walton da Robert McKersie, da suka yi nazarin yadda ƙungiyoyin ƙwadago ke sasantawa da kamfanoni, suka bambance cinikin rabon abin da ke ƙasa da cinikin da ke ƙara yawan abin da za a raba. Na biyun shi ne ke da wuyar koyarwa da baki. Ka yi lacca ta awa biyu a kai, ɗalibai su gyaɗa kai, gobe su koma ja-in-ja. Sai mutum ya ga da idonsa cewa na kusa da shi, da takarda iri ɗaya da tasa, ya tashi da abin da ya fi nasa ba tare da ya ƙwari kowa ba, sannan maganar take shiga.

Labarin da nake amfani da shi yanzu na shinkafa ne, domin ɗaliban da suka san yankin Kura da Kadawa ba sa buƙatar dogon bayani. Ɓangare ɗaya shugaban ƙungiyar manoma ne da ke da shanshera buhu dubu, ɗayan kuma jami'in sayen kaya na wani kamfanin casar shinkafa. Labarin ƙirƙira ne, farashin da ke ciki ma na aji ne, ba na kasuwa ba. Akwai takardar bai-ɗaya da kowa ke karantawa, rabin shafi, mai faɗin su waye da kuma batutuwa huɗu da dole a cim ma matsaya a kansu: farashin buhu, lokacin biyan kuɗi, yawan danshin shinkafar, da yadda za a auna ta. Sai takardar sirri ta kowane ɓangare, shafi guda, wadda ke faɗin halin da mutum yake ciki da makin da kowane zaɓi zai ba shi.

Aikin malami duka yana cikin yadda ya raba makin nan, saboda haka bari mu bi su a hankali.

Farashi shi ne batun da kowa ya sani. Na sa matakai biyar, daga naira 40,000 zuwa 48,000, ana hawa da dubu bibbiyu. Manomi yana samun maki 0 a mafi ƙaranci, ya hau goma-goma har 40 a mafi tsada. Na kamfani akasin haka ne. Ko ina aka tsaya, jimillarsu 40 ce. Nan babu abin ƙirƙira, ja ne kawai, kuma da gangan na bar shi. Wasan da babu ainihin saɓani a cikinsa yana koya wa ɗalibi ƙarya, ya fita yana zaton duk rigimar duniya rashin fahimta ce.

Lokacin biya da danshi su ne zuciyar wasan. Takardar manomi ta gaya masa cewa 'yan ƙungiya sun ci bashin taki, mai bashi yana bakin ƙofa, ga noman rani ya matso. Don haka biya nan take maki 30 ne a wurinsa, bayan mako biyu 15, bayan mako huɗu 0. Shi kamfani yana son jinkiri, amma ba sosai ba, kuɗi na nan a asusu: jinkirin mako huɗu maki 10 ne kawai a gare shi, na mako biyu 5, nan take 0. A danshi kuma sai abin ya juya. Shansherar da ta bushe zuwa kashi 14 cikin ɗari ita ce ta dace da casa da ajiya; mai danshi tana iya yin fumfuna a rumbu, kuma wanda ya saye ta da nauyi ya sayi ruwa. Kamfani zai ci maki 30 in aka kawo ta a kashi 14, 15 a kashi 16, 0 a kashi 18. Manomi ya fi son a karɓa da danshinta don ya huta da shanya, amma rana kyauta ce a lokacin kaka, hutun maki 10 ne kawai a kashi 18, 5 a kashi 16, 0 a kashi 14.

Dubi abin da wannan ya haifar. A duka batutuwan biyu suna da saɓani na gaske, kowa na jan nasa gefe. Amma abin da ya yi wa ɗaya nauyi ya yi wa ɗayan sauƙi. In manomi ya saki danshi ya riƙe biya nan take, ya yi asarar 10 ya kama 30. Kamfani ma haka ta ɗaya gefen. Ninkin nan na uku da ɗaya na zaɓe shi ne bayan na gwada wasu. In tazarar ta yi kaɗan, kamar 30 da 25, ribar musayar ba ta isa a gan ta a allo ba. In ta yi yawa, kamar 30 da 2, kowa zai gano cikin minti biyar.

Batu na huɗu tarko ne. Za a ƙirga buhuna ne da ido, ko a ɗora kowanne a sikeli, ko a auna wasu a ƙiyasta saura? Manomi yana son sikeli saboda ya gaji da masu saye da ke zuwa da manyan buhuna su danna su har baki. Kamfani ma sikeli yake so, saboda lissafinsa da kilo yake. Kowannensu maki 10 ne a sikeli, 5 a rabi-da-rabi, 0 a ƙirga. Bakinsu ɗaya, amma babu wanda ya sani. Za ka yi mamakin yawan waɗanda ke tashi da rabi-da-rabi. Ɗaya ya ce yana son sikeli, ɗayan ya yi zaton akwai wata a ƙasa, sai ya ƙi, su yi ta ja har su "sasanta" a tsakiya, kowa ya zubar da maki 5 a banza. Fitaccen wasan nan na ɗaukar sabon ma'aikaci da Margaret Neale ta rubuta, wanda makarantun kasuwanci da yawa ke amfani da shi, a kan wannan ƙira yake, sai dai nasa batutuwan takwas ne. Ni na tsaya a huɗu. Ajin da bai taɓa yi ba, in ka ba shi takwas, lokacin zai ƙare a karatun takarda.

Saura abu ɗaya da kowace takardar sirri ke buƙata: me zai faru in ciniki ya watse? Roger Fisher da William Ury, a littafinsu na 1981, sun dage cewa ƙarfin mai tattaunawa yana cikin mafitar da yake da ita a waje. Manomi na da wani ɗan kasuwa daga Dawanau da ya riga ya taya, tayin da ya kai maki 40. Kamfani na da wata ƙungiyar a wani gari, ita ma maki 40. Duk wanda ya sa hannu a kan abin da bai kai 40 ba, gara da ya tashi ya tafi.

Yanzu a yi lissafi. Waɗanda suka raba komai tsakiya, farashi 44,000, biya bayan mako biyu, danshi kashi 16, awo rabi-da-rabi, kowa zai tashi da 45, jimilla 90. Sun wuce 40, don haka ciniki ya faɗa, kuma za su fito suna murmushi, an yi adalci. Waɗanda suka tsaya a farashin nan dai amma suka yi biya nan take, danshi kashi 14, awo da sikeli, kowa 60 ne, jimilla 120. Farashi bai motsa ba ko da naira ɗaya, amma kowa ya ƙaru da 15. Na ajiye mafitar a 40 ne don raba-tsakiya ya samu wucewa, saboda shi nake so ɗalibai su faɗa ciki su ga illarsa. Malamin da ke da aji na gaba, wanda ya riga ya yi wasa irin wannan, yana iya ɗaga mafitar zuwa 50. A nan raba-tsakiya ba ya isa, duk wanda ya tsaya a kansa cinikinsa ya watse.

Kafin ka kai wa ɗalibai, zauna ka jera duk yarjejeniyoyin da za su yiwu. Biyar sau uku sau uku sau uku, 135 ke nan, aikin rabin awa a Excel. Abin da kake dubawa shi ne ko mafi kyawun jimilla tana buɗe ga kowane ɓangare. A nan yarjejeniyoyi biyar ne ke kai 120, ɗaya a kowane farashi, kuma duka biyar ba wadda ta jefa wani ƙasa da 40. Ka kuma lura cewa takardun biyu kamar mutum ne da hotonsa a madubi, ɗalibi mai wayo zai iya hasashen ta abokinsa daga tasa. Maganin wucin gadi shi ne ka ninka duk lambobin kamfani da bakwai a takardarsa, ka raba da bakwai in ka zo lissafi, ka kuma sauya jerin batutuwan.

Sai takardar sakamako, inda na yi tuntuɓe a farko. In ka ba da lada a kan jimilla kaɗai, ka ga abin da ya same ni. In ka ba da a kan makin mutum kaɗai, mai baki da taurin kai ne zai ci, darasin ya koma na kasuwar dabbobi. David Lax da James Sebenius sun yi bayanin wannan tsaka-mai-wuya a 1986: don a ƙara abin rabo sai an buɗe ciki, wanda kuma ya buɗe ciki ya ba da ƙofar a ƙware shi. Takardar sakamako mai kyau ita ce wadda ta bar ɗalibi cikin wannan matsi, ba ta cire masa shi ba.

Tawa haɗi ce ta abu biyu. Na farko, abin da mutum ya samu sama da mafitarsa ta 40. Na biyu, abin da jimillarsu ta haura 90, wato abin da suka ƙirƙira fiye da raba-tsakiya, kuma wannan duka biyun ake rubuta wa. Wanda ya faɗi ƙasa da 40 ba shi da komai, abokinsa ma ya rasa kason jimillar, don kada wani ya sadaukar da kansa saboda aboki. Waɗanda suka tashi ba ciniki sifiri ne, ba a cire musu komai.

Ga yadda ta yi aiki a kan benci biyu. A na farko, manomi ya kasance mai zafi. Ya samu 44,000, biya nan take, danshi kashi 16, awo rabi-da-rabi. Makinsa 60, na kamfani 40 daidai, jimilla 100. Sakamakonsa 20 da 10, wato 30; na abokinsa 10. A benci na biyu wata ɗaliba ce manomiyar. Ta fara da tambaya, "Me ya fi damunku a cikin huɗun nan?" Suka gano musayar, suka gano sikeli, amma a farashi aka danne ta zuwa 42,000. Makinta 50, na kamfani 70, jimilla 120. Sakamakonta 10 da 30, wato 40. Ta wuce mai zafin nan da goma.

Shi kuwa bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce shi ya kai wa 'yan ƙungiyarsa 60, ita 50, wa manoma za su sake zaɓa shugaba? Wannan muhawara ta fi duk abin da na shirya faɗa a ranar amfani. Amsar tana cikin nauyin da malami ya ba kason jimilla. In ka rage shi zuwa rabi, shi zai samu 25, ita ma 25, kunnen doki. Ni na bar shi cikakke a wasan farko na zango, saboda ja ɗalibaina sun iya tun daga gida, tambaya ce ba su iya ba. A wasa na biyu nake rage shi. Na kuma nuna musu a allo cewa da shi mai zafin ya saki danshi ya nemi sikeli, makinsa 60 ɗin nan zai riƙe, abokinsa ya tashi daga 40 zuwa 60, daga nan sai ya nemi a ƙara masa farashi daga cikin ribar. Ita kuma ta yi wahalar noma ta bar wa wani girbi.

Da jimilla na cikin sakamako, me zai hana su sake jera takardu? Abu biyu. Na ɗaya doka: kana iya faɗin duk abin da ka ga dama da bakinka, kana iya yin shiru, amma ba ka nuna takarda, ba ka karanto lambobi. Dalilin ba wai tsaron jarrabawa ba ne. A rayuwa ba wanda zai iya buɗe zuciyarsa ya nuna maka, sai dai ya faɗa ka yanke ko ka yarda, kuma wannan yanke hukuncin shi ake koya. Na biyu, tunda rabin sakamakon naka ne kai kaɗai, buɗe komai yana da tsada. Ana gane waɗanda suka karya doka cikin sauƙi: sun gama da wuri, sun kai 120, sun raba 60 da 60, in ka tambaye su me ya sa kamfani ya damu da danshi sai su kalli juna. Game da ƙarya kuma, na hana ƙirƙiro abin da babu a takarda, kamar a ce wani ya taya 50,000. Amma nuna kamar ba ka son sikeli don a biya ka kafin ka yarda, ban hana ba. Nakan bari ya faru, in tayar da maganar a ƙarshe, in tambayi wanda aka yi wa ko zai sake ciniki da mutumin. A ajin da ya san hukuncin algus da ha'inci a saye da sayarwa, wannan tattaunawa ba ta buƙatar turi.

Kada a kwatanta manomi da kamfani. Manomi da manoma ake auna shi, kamar yadda Howard Raiffa ya riƙa yi da ɗalibansa a Harvard, domin ko ka yi iya ƙoƙarinka wani ɓangaren yakan fi sauƙi. Kuma kada makin wasan ya yi nauyi a sakamakon zango. Sa'ar abokin ciniki tana da yawa a ciki. Nakan ba wasan kansa kashi ɗaya cikin uku na abin da na ware, sauran ya tafi ga takardar shiri da ɗalibi ya cika kafin a fara, da shafi ɗaya da zai rubuta bayan an gama. Takardar shirin tambaya ɗaya ce ta fi muhimmanci a cikinta: jera batutuwan yadda kake zaton suka fi damun abokin cinikinka. Yawanci za su kwafe jerin nasu ne, kuma da ka karɓi takardun ka riƙe shaidar zaton nan a rubuce da hannunsu.

Ajinmu yana da nasa matsalolin. In kana da rukuni biyu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, takardun sirri za su isa WhatsApp kafin azahar, don haka a yi lokaci guda, ko a sauya lambobi. A raba takardun a cikin aji, launi biyu, a karɓe su bayan an gama. Abokan ciniki kuma ƙuri'a ce ke haɗa su. Ko da ƙuri'ar, na sha ganin yarinya 'yar shekara ashirin ta faɗa hannun magidancin da ya haife ta, ta ce "duk yadda ka ce, Baba," ta sa hannu a kan 35. Tun daga nan nake faɗa da babbar murya kafin a fara cewa kowa wakili ne, dukiyar mutane aka ba shi amana, kunya da dukiyar wani ba kirki ba ce. In aji ya haura ɗari, a yi biyu da biyu. Lacca ta awa biyu ta isa: minti 25 na karatu da shiri, 30 na ciniki, 10 na tattara sakamako a allo, ragowar duka na tattaunawa. Malamin da ya bar ciniki ya cinye lokacin tattaunawa ya yi wasa ne kawai.

Takardar maki tana da iyakar da ban samo mata magani cikakke ba. Abin da malami ya hango kaɗai take iya aunawa. Wata rana wasu biyu suka kawo mini yarjejeniya da ƙarin layi a ƙasa da biro: kamfani zai ara wa manoma tamfol ashirin na shanya, a mayar bayan kaka. Babu tamfol a takardata, babu makinsa, alhali shi ne abu mafi kama da cinikin gaske da aka yi a ajin ranar. Ban iya sa shi cikin jimilla ba, don in na buɗe wannan ƙofa gobe wani zai rubuta cewa kamfani ya yi alƙawarin gina asibiti. Abin da na yi shi ne na ƙara akwati a ƙasan takardar yarjejeniya, na ƙarin sharaɗi guda ɗaya, wanda ba ya canza lambobi amma ina ba shi maki har 5 da hannuna in ya dace da labarin kuma ya amfani duka biyun. Zangon da ya biyo baya, benci goma sha ɗaya suka rubuta tamfol. Labari ya riga ya zaga.